Auren da Ba Shi da Takarda: Yadda Amarya da 'Ya'yanta Za Su Tabbatar da Haƙƙinsu na Gado

A ƙasar Hausa mafi yawan aure a ƙofar gida ko a masallaci ake ɗaura shi. Wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, a raba goro da alewa, kowa ya kama gabansa. Ba kasafai ake rubuta komai ba, kuma muddin maigida yana raye babu mai tambayar takarda. Sai ranar da ta Allah ta kasance, aka zauna lissafin magada, sannan wani daga ɗakin uwargida zai ce: "Mu ba mu san da wata mata ba. In da gaske ne, ina takardar auren?"

Wannan tambaya ta sa mata da dama sun haƙura da haƙƙinsu, suna zaton tun da babu takarda babu magana. Ba haka abin yake ba. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi kotunan shari'ar Musulunci na Arewacin Najeriya suke aiki da shi, takarda ba ta cikin abubuwan da aure yake ƙulluwa da su. Abin da ake nema shi ne waliyyi, da sadaki, da sigar nema da bayarwa, da shaidu biyu adalai. Wanda ya cika waɗannan ya yi aure ko ba a ɗiga alƙalami a takarda ba. Amma ingancin aure a wurin Allah daban, tabbatar da shi a gaban alƙali daban. Alƙali bai halarci ɗaurin auren ba, mijin da zai ce "matata ce" kuma yana kushewa. Saboda haka nauyin kawo hujja yana kan wadda ta yi da'awa.

Abin da ake rigima a kansa

Mu ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa ya rasu a Kano. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya basussuka, an zartar da wasiyya, abin da ya rage ya kai naira miliyan 24. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Uwargida tana da ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata biyu. Akwai kuma wata mata a wani gari da yake zuwa fatauci, wadda ta ce ya aure ta shekara tara da suka wuce, sun haifi namiji ɗaya da mace ɗaya.

Idan ba a tabbatar da auren na biyu ba, uwargida za ta ɗauki tumuni ita kaɗai, wato naira miliyan 3. Sauran miliyan 21 a kasa su kashi huɗu, namiji ya ɗauki biyu, kowace mace ta ɗauki ɗaya. Ɗan zai tashi da miliyan 10 da dubu 500, kowace 'ya kuma miliyan 5 da dubu 250.

Idan aka tabbatar da shi, tumunin ba ya ƙaruwa. Mata biyu ne ko huɗu, tumuni ɗaya suke rabawa, don haka kowace za ta samu miliyan 1 da dubu 500. Miliyan 21 ɗin kuma yanzu kashi bakwai za a yi musu: maza biyu kashi huɗu, mata uku kashi uku. Kowane namiji miliyan 6, kowace mace miliyan 3. Ɗakin amarya gaba ɗaya ya samu miliyan 10 da dubu 500, kuma a ciki miliyan 9 na yaran ne.

Lissafin ya nuna inda gizo yake saƙa. Rabon matar ƙarami ne, na yaran shi ne babba. A gaban kotu kuma da'awa biyu ce: ta farko, cewa ita matar mamacin ce har ranar da ya rasu, ta biyu, cewa yaran nan nasa ne ta hanyar aure. Hujjar da ta isa ga ta farko ba lallai ta isa ga ta biyu ba. Wadda ta shiga kotu ba ta san wannan ba tana iya cin rabin shari'a, ta rasa rabin da ya fi tsoka.

Shaidu biyu da suka halarta

Hujja mafi ƙarfi ita ce maza biyu adalai da suka halarci ɗaurin auren, suka ji nema da bayarwa da kunnensu. Alƙali zai tambayi kowannensu shi kaɗai: a ina aka ɗaura, wace shekara, wa ya bayar, wa ya karɓa, nawa ne sadaki, an biya lakadan ko ajalan. Ba a sa ran mutum ya tuna rana da sa'a bayan shekara tara, amma idan ɗaya ya ce a masallacin Juma'a aka ɗaura ɗaya kuma ya ce a zauren gida, lauyan magada zai kama wannan.

A nan ne ake yawan kuskuren zaɓen shaida. Mace takan fara kawo mahaifinta, domin shi ya fi kowa sanin maganar. To amma ba a karɓar shaidar uba ga 'yarsa, ko ta ɗa ga mahaifiyarsa, saboda tuhumar son kai. Waliyyin da ya ɗaura auren ma shaida yake bayarwa a kan aikin kansa, don haka ba a lissafa shi cikin biyun. Haka duk wanda zai amfana idan aka ci shari'ar, da wanda aka san yana da gaba da magada. Waɗanda ya kamata a nema su ne limamin da ya yi addu'a, da mai unguwa, da maƙwabta, da abokan mamacin da suka raka shi.

Akwai wasu shaidu masu daraja da ake mantawa da su, wato 'yan'uwan mamacin maza. Tun da ya bar ɗa namiji, baffannin yara ba su da gado, don haka ba su da riba ko asara a yadda rabon zai kaya. Sau da yawa ma a cikinsu ne aka samu wanda ya karɓa masa auren, ko wanda ya je suna. Baffa biyu adalai da za su tsaya su ce "mun san auren, yaran nan na ɗan'uwanmu ne" sun fi tarin takardu amfani.

Bayan shaidu sun gama, kotu za ta ba ɗaya ɓangaren damar sukar su. Za a iya cewa wane ba ya salla, ko an taɓa kama shi da shaidar zur, ko a gidan matar yake ci. Idan alƙali bai san shaidan ba, yana iya neman a kawo masu tsarkake shi. Shi ya sa mutum biyu da unguwa ta san su da gaskiya suka fi goma da aka tattaro a bakin kotu.

Idan waɗanda suka halarta sun rasu

Malikiyya sun buɗe wata ƙofa da ake kira shaidar ji. Mukhtasar na Shaihu Halil, wanda alƙalanmu suke komawa gare shi, ya nuna cewa aure yana tabbata da labarin da ya bazu, irin wanda kiɗan biki da hayaƙin girkin walima suke bazawa. Wato mutum biyu adalai ko fiye su zo su ce ba su halarci ɗaurin ba, amma sun daɗe suna ji daga amintattun mutane da sauran jama'a cewa wance matar wane ce, kuma a haka aka san su.

Sharaɗinta shi ne kada a samu abin shakka. Idan mutum biyu suka ce labari ya bazu, alhali sa'o'insu da yawa a unguwar ba wanda ya taɓa ji, alƙali ba zai karɓa ba. Ita ma wannan shaida a inda matar ta zauna ake nemo ta: mai gidan da suka yi haya, maƙwabtan da suka ga yana shiga da cefane yana kwana, waɗanda suka ci tuwon suna. Rashin sanin mutanen gidan uwargida ba ya rushe ta, domin wanda ya sani hujja ne a kan wanda bai sani ba.

Shaida ɗaya da rantsuwa

A ce duk an bincika, mutum ɗaya tak aka samu da ya halarta, kuma labarin bai bazu yadda za a kafa shaidar ji ba. Da mijin yana raye yana musu, shaida ɗaya ba ta tabbatar da aure. Amma bayan rasuwarsa abin da matar take nema dukiya ce, dukiya kuwa tana tabbata da shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa. Wannan shi ne ra'ayin Ibnul Ƙasim, kuma shi Halil ya bi: ta rantse tare da shaidanta, ta ci gado.

Sai dai nan ne iyakar wannan hanya. Dangantaka ba ta tabbata da shaida ɗaya da rantsuwa. A misalinmu, matar za ta iya samun miliyan 1 da dubu 500 ɗinta, amma miliyan 9 na yaran, da sunan ubansu wanda ya fi kuɗin, suna nan a rataye. Saboda haka kada mace ta yarda a rufe mata hujja da shaida ɗaya don an ce mata "ai ya isa". Ta nemi a ɗaga zama, ta nemo na biyu.

Yadda yaran suke tabbata

Idan aure ya tabbata da shaidu biyu ko da shaidar ji, yaran suna bin sa, bisa ƙa'idar cewa ɗa na mai shimfiɗa ne. Abin da za a duba shi ne an haifi yaron bayan aƙalla wata shida da ɗaura auren. Wanda aka haifa da wata huɗu ko biyar ba a jingina shi ga mijin ta wannan hanya. Wannan ya sa shekarar ɗaurin aure da ranar haihuwar ɗan fari suke da muhimmanci, kuma lauyan magada zai yi ta zagaye a kansu. Idan aka yi musun cewa ita ta haifi yaron, shaidar mata biyu, kamar ungozoma da wata da ta halarci haihuwar, ta wadatar.

Hanya ta biyu ita ce iƙirarin uban tun yana raye. Idan maza biyu adalai suka ji shi yana cewa "wannan ɗana ne", ko suka halarci sunan da shi ya yanka rago ya raɗa suna, wannan hujja ce babba.

Hanya ta uku ita ce iƙirarin magada. Idan maza biyu adalai daga cikinsu suka amsa cewa yaran 'yan'uwansu ne, dangantaka ta tabbata a kan kowa. Idan ɗaya ne kawai ya amsa, ba ta tabbata, amma iƙirarinsa yana cin rabonsa shi kaɗai. A misalinmu, idan babban ɗan ya ce shi ya san matar babansa ce kuma yaran ƙannensa ne, sauran suka ƙi, to shi zai riƙe miliyan 6 maimakon miliyan 10 da dubu 500, bambancin miliyan 4 da dubu 500 ya tafi ga waɗanda ya amsa. Uwargida da 'ya'yanta mata ba za a taɓa nasu ba sai da cikakkiyar hujja.

Mutane da yawa yanzu suna cewa a je a yi gwajin jini na gano uba, a huta. Gwajin yana nuna jini ne, ba ya nuna an ɗaura aure, gado kuwa a shari'ar Musulunci aure yake bi. Don haka ba ya maye gurbin shaidu.

Amfanin takardun da ke hannu

Rashin takardar aure ba ya nufin babu takarda ko ɗaya. A tattara katin gayyata, da hotuna ko bidiyon biki da suna, da shaidar tura kuɗin sadaki ta banki, da takardar gwajin lafiya kafin aure, wanda jihar Kano ta wajabta da doka a 2024. A duba ko masallacin yana da littafin da yake rubuta auren da aka ɗaura. A nemo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa mai ɗauke da sunan uba, da katin awo na asibiti, da rasit ɗin makaranta da na haya da mamacin ya biya, da duk fom ɗin wurin aiki ko na inshorar lafiya da ya rubuta sunanta da na yaran da hannunsa. Saƙonnin waya da na murya kada a goge su, kuma kada a sayar da wayar.

Waɗannan duka suna ƙarfafa bakin shaidu ne. Wadda aka yi tun mamacin yana raye ta fi nauyi nesa ba kusa ba. Takardar rantsuwa da matar ta je ta yi bayan rasuwa maganarta ce kawai aka buga wa hatimi. Babban ganganci kuma shi ne a je a yanko takardar aure a mayar da kwanan wata baya. Da zarar an kira wanda aka ce ya sa hannu, ko aka duba littafin da lambar ta fito, asiri ya tonu. Laifi ne da ake hukunta mutum a kansa, kuma yana sa alƙali ya yi shakkar shaidun gaskiyar ma.

Abin da ɗaya ɓangaren zai kawo

Idan musun auren ya gagara, akan koma cewa ya sake ta. A nan nauyin hujja ya juya: tun da aure ya tabbata, wanda ya ce an yi saki shi zai kawo shaida. Ko an yi sakin ma, idan na kome ne kuma ya rasu tana cikin idda, tana da gado. Idan kuma a ciwon ajali ya sake ta, Malikiyya suna ba ta gado ko da idda ta ƙare. Yaran kuwa saki ba ya taɓa rabonsu ko kaɗan.

Akan kuma ce auren sirri ne, don haka ɓatacce ne. Gaskiya ne a Malikiyya idan miji ya umarci shaidu su ɓoye auren, ko da uwargida kaɗai ake ɓoye wa, ana raba shi, sai fa idan an tare kuma an daɗe. Matar da ta shekara tara har da 'ya'ya biyu ta wuce wannan. Matsalar auren ɓoye ta fi yawa a wajen hujja: ya toshe ƙofar shaidar ji, ya bar mace da mutum biyun da ƙila abokan mijin ne da ba sa son ɓata wa gidan uwargida.

Akwai wuraren da matar ba ta da gado ko an tabbatar an ɗaura. Idan ita ce ta biyar alhali huɗun suna nan, auren bai ƙullu ba. Idan an ɗaura shi mijin yana cikin ciwon da ya zama ajalinsa, Malikiyya ba sa ba ta gado. Sannan idan mijin ya yi auren rajista da matarsa ta farko a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, wannan aure na mace ɗaya ne, kuma sashe na 35 na dokar ya hana shi ƙulla wani auren na al'ada muddin na farkon yana nan. Wanda ya samu kansa a wannan hali lauya yake bukata tun daga farko, domin maganar tana iya kaiwa Babbar Kotun jiha.

Matakan da za a bi

Mataki na farko tun ranar rasuwa yake farawa. Matar ta bayyana, manyanta su je gaisuwa a matsayin surukai, a kai yaran cikin 'yan'uwansu, ta yi takabarta ta wata huɗu da kwana goma a sarari. Wadda ta yi shiru don kunya ko gudun fitina, sai bayan shekara biyu ta ɓullo, ta ba masu musu abin faɗa. Idan tana da ciki ta sanar, domin a Malikiyya ana dakatar da rabon gado har ta haihu.

Na biyu, a gwada sulhu ta hannun baffanni, ko limami, ko mai unguwa, ko Hisba. Idan magada suka amsa, kada a bar shi a baki: a rubuta, su sa hannu gaban shaidu, a kai kotu ta tabbatar. Masu sulhu ba su da ikon yanke hukunci a kan wanda ya ƙi, kuma uwa ba ta da ikon yafe rabon marayu don a zauna lafiya.

Na uku, idan sulhu ya ƙi, a shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci da ke da hurumi a inda dukiyar take. Gado mai yawa galibi Babbar Kotun Shari'a ake kai shi. Idan magada sun riga sun buɗe shari'ar rabo, sai ta nemi a shigar da ita da yaranta. A zaman farko a roƙi kotu ta dakatar da rabo da sayar da kadara har a gama, kuma a faɗi da'awar biyu a fili: aure da dangantakar yara. Idan akwai sauran sadakin da bai biya ba a ambace shi, domin bashi ne da ake fitarwa kafin rabo, amma shi ma yana bukatar hujjarsa. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a jiharta.

Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, wato ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran magana ko hujja. Wannan ba gaisuwa ba ce. Wadda take da sauran shaida a nan za ta faɗa, domin idan ta ce babu, ƙofa ta rufu. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara, galibi cikin kwana 30, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumi a kan aure da gado na Musulmi.

Bayan an ci shari'a, a karɓi kwafin hukuncin mai hatimi. Da shi za a tunkari banki da kamfanin fansho, waɗanda galibi za su nemi takardar izinin gudanar da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu. Sunan da mamaci ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa ba ya mayar da mutum mai dukiyar. Kuɗin na magada ne duka. Rabon yara ƙanana kuma kotu ce take naɗa wanda zai riƙe musu idan uban bai bar wasiyyi ba, kuma uwa tana iya neman a naɗa ta. Idan an riga an raba kafin ta zo, haƙƙinta bai faɗi ba, kotu tana iya sake lissafi, sai dai karɓo kuɗin da aka kashe da gidan da aka sayar aiki ne ja.

Ga waɗanda mazansu suke raye, maganin duk wannan bai fi aikin yini ɗaya ba. A je kotun shari'a ko masallacin da aka ɗaura auren, miji ya yi iƙirari gaban shaidu biyu, a rubuta sunan waliyyi da sadaki da shekarar aure da sunayen yara, a ba matar kwafinta ta ajiye a gidansu. A yi wa kowane yaro takardar haihuwa da sunan ubansa. Maigida kuma ya gabatar da iyalinsa na biyu ga aƙalla 'yan'uwansa maza biyu, domin su ne za a fara tambaya ranar da ba ya nan.